Kati 340, Kujera 300: Amsa Ga Mai Shirya Dinar Biki

Anti, ina yini. Shekarata 24, a Kano nake, bara na fara sana'ar shirya biki. Ƙananan taruka nake yi, kamu da sa lalle na cikin gida. Yanzu an ba ni dina ta farko a ɗakin taro mai kujera 250, saura mako uku. Sunayen baƙi ta hanya uku suka zo mini: takardar uwar amarya, saƙonnin murya daga dangin ango, sai na amarya a WhatsApp. Na haɗa na samu 291, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Da na ce wa Hajiya, uwar amarya, mu zauna a rubuta a rufe, sai ta ce biki ba makaranta ba ne da za a yi masa rajista, ai na san mutanensu. Ina gudun ɓata mata rai, ina kuma tsoron abin da zai faru ranar. Yaya zan yi?

Mai shirin biki, Kano

'Yata, lafiya lau, Allah ya sanya albarka a sana'a. Bari in fara ba ki labarin wata sa'arki, 'yar wata aminiyata ce, a gabana abin ya faru domin ni ma ina cikin masu kati a ranar.

Yarinyar tana da hannu a ado, ta iya magana da manya, kuma tana da irin ƙwaƙwalwar nan da mutane ke yabawa, a faɗa mata abu sau ɗaya ta riƙe. Wannan yabon ne ya cuce ta. An ba ta dina mai kujera 300, tebur 30, kowanne mutum 10. Aka raba tun farko cikin mutunci: uwar amarya 100, uwar ango 100, amarya da ƙawayenta 50, ango da abokansa 50. Ta kai aiki wurin mai buga kati, ya buga 300 masu kyau, ruwan zinariya a gefe, amma babu lamba a jikin ko ɗaya. Duk kamarsu ɗaya.

Sunaye suka fara shigowa. Ta kwashe su ta zuba a waya ranar Litinin. Laraba ta gyara. Alhamis ta ari kwamfutar yayanta ta sake gyarawa, ta ajiye duk da suna ɗaya. A wajen gyaran Laraba ne ta ci karo da "Hajiya Binta" sau biyu. Ta ce a ranta maimaici ne, ta goge ɗaya. Ashe mutum biyu ne: ɗaya maƙwabciyar uwar amarya ce, ɗaya kuwa gwaggon ango ce, yayar mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda za ta taso takanas daga Katsina. A cikin wannan jerin dai akwai wata baiwar Allah da ta shiga har sau uku ba a gane ba. Uwar amarya ta rubuta ta "Hajiya Ƙarama", amarya ta rubuta "Maman 'Yan Biyu", wata ƙanwar uwa kuma da ta turo ƙarin sunaye ta rubuta "Hadiza". Aka kai mata kati uku. Ita kuwa me za ta yi? Ta riƙe ɗaya, ta yi wa maƙwabta alheri da biyun.

Saura kwana biyu, uwar amarya ta kira ta da daddare, ta ce mutanenta sun yi yawa, a ƙara mata kati 40. Yarinya ta ce to, Hajiya. Da safe ta sa aka buga aka kai. Ba ta gaya wa mai abinci ba, ba ta gaya wa masu ɗakin taro ba, ba ta rubuta ko'ina ba. Niyyarta idan ta samu sarari za ta kira su, sararin bai samu ba, domin ranar ce mai ado ya kawo yadi ba kalar da aka ce ba, hankalinta ya koma can.

Ranar dina, takardar da ta buga ta miƙa wa masu tsaron ƙofa ta ranar Laraba ce, ba ta Alhamis ba, duk gyaran ƙarshe babu shi a ciki. Su kuwa samari ne na haya, ba su san kowa ba a gidajen biyu, umarnin da aka ba su shi ne ko kati ko suna a takarda. Gwaggo ta iso bayan isha'i da 'ya'yanta biyu. An riga an gaya mata a waya cewa katinta yana ƙofa. Saurayin ya haska takarda da fitilar wayarsa, ya bi layi-layi da yatsa, ya ce Hajiya Binta ai ta riga ta shiga. Dattijuwar ba ta yi musu ba. Ta gyara mayafinta, ta tsaya gefe kamar minti goma tana kallon 'yan mata suna wucewa da katinsu a hannu, sannan ta koma mota. Kafin a shigo da amarya labari ya kai teburin uwar ango. Na ga matan nan da idona suna ɗaukar jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, tebur biyu suka tashi.

A ciki kuma kujeru sun ƙare, mutane suna tsaye jikin bango. Mai abinci ta ga abin zai zama tonon silili, ta aika aka ƙaro abinci daga gidanta, ta fitar da faranti 40 a kan wanda aka yi ciniki. Washegari ta kawo lissafi. Mu ƙaddara faranti naira 5,000 ne, kin ga 200,000 ke nan. Uwar amarya ta ce ita ba ta ce a ƙara ba, cewa ta yi idan da hali. Dangin ango suka ce su da aka wulakanta musu gwaggo, su ne kuma za su biya? Yarinya ta duba wayarta, babu komai sai alamar an kira ta ƙarfe 10 na dare. A cikin ladan aikinta aka cire kuɗin, sannan sai da uwarta ta ɗauke ta suka je har Katsina ba da haƙuri.

Ki lura, a duk labarin nan ba wanda ya yi niyyar cuta. Ita kanta uwar amarya mai yiwuwa har zuciyarta haka take tuna maganar. Mutum a makon bikin 'yarsa yana magana da mutum hamsin a yini, bai san me ya gaya wa wa ba. Abin da aka rasa shi ne wuri guda da za a buɗe a ga wane ne ya ce me, kuma yaushe. Tun daga ranar yarinyar ta sayi littafi mai bangon kwali, kuma tsarin da ta fito da shi a hankali shi zan ba ki, domin na ga yana aiki.

Farkonsa, jeri ɗaya ne tak, kuma hannu ɗaya ne ke rubutu a cikinsa, naki. Takardar Hajiya da saƙonnin dangin ango da na amarya duk kayan haɗi ne, ba su ne jerin ba. Saƙon murya kuwa shi ya fi komai haɗari, domin ba za ki iya binciko suna a cikinsa ba, kuma mai shi na iya gogewa. Duk wanda ya turo miki murya, ki saurara, ki rubuta sunayen, ki mayar masa a rubuce, ki ce "Anti, ga abin da na ji, haka ne?" Sai ta ce e sannan ya shiga littafi.

A cikin jerin, kowane kai layinsa daban. Wannan ƙaramar magana ce amma ita ke cinye kujeru. Idan aka rubuto miki "Hajiya wance da yaranta", wannan ba suna ɗaya ba ne, tambaya ce da ba a amsa ba. Yaran nawa? Goyo ba ya cin kujera, amma yaron da zai zauna da kansa zai ci kujera ya ci faranti. Idan uku ne, layi huɗu ke nan, kati huɗu. Idan masu bikin ba sa son a zo da yara, to a rubuta a jikin kati, kuma su da kansu su faɗa wa mutanensu, kada a bar wa mai tsaron ƙofa.

Kowane layi kuma yana ɗauke da abu bakwai: lambar kati, cikakken suna, sunan da aka fi sanin mutum da shi, wanda ya gayyace shi, lambar waya, tebur, da wanda ya karɓi katin ya kai. Gurbi na biyu da na uku su ne zan daɗe a kansu, domin nan ne mu Hausawa muke da wata wahala ta musamman. Mace ɗaya tana iya zama Fatima a takardar makaranta, Binta a gidansu, Zahra'u a bakin mijinta. A'isha ita ce Indo, ita ce Shatu, ita ce Humaira. Hadiza ita ce Dije, Hauwa ita ce Kulu ko Jidda, Maryam ita ce Mairo. Ga kuma alkunya: dattijuwa ba za ta kama sunan ɗanta na fari ba, ba za ta kama na surukarta ba, duk mai irin sunan ma sai ta kewaye. Shi ya sa takardar da uwar amarya za ta ba ki cike take da "Hajiya Babba" da "Hajiyar Fagge" da "Maman wane" da "Mai Sunan Inna". Kada ki tilasta mata faɗin abin da bakinta ba ya faɗa. Ki rubuta yadda ta ce a gurbin sunan da aka sani, sannan ki nemi babbar 'yarta ko ƙanwarta ta cike miki na yanka.

Daga nan doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ba a goge suna don ya yi kama da wani, ba a kuma barin sunaye biyu don sun bambanta. Abin da ke raba gardama shi ne lambar waya da wanda ya gayyata. Binta biyu masu lamba daban, ɗaya daga ɓangaren amarya ɗaya daga na ango, mutum biyu ne. Sunaye uku masu lamba ɗaya, ki ɗaga waya ki tambaya. Wani lokaci mutum ɗaya ne, wani lokaci tsohuwa ce da jikokinta suke amfani da waya guda. Ba ki da hanyar sani sai kin tambaya.

Littafi da biro sun isa wannan aikin. Amma tunda sunayenki sun kusa 300, na fi so ki zuba su a Google Sheets, ki bar littafin ya zama na rubuta canje-canje. Abu biyu za ki kiyaye. Lambobin wayarmu da sifili suke farawa, shi kuma yana ɗaukar su lissafi ne ya cinye sifilin, don haka kafin ki fara ki zaɓi gurbin wayar gaba ɗaya ki shiga Format > Number > Plain text. Sannan idan wanda ya gayyata yana gurbin D, waya tana gurbin E, ga abin da zai nuna miki sau nawa lamba ta fito, da kuma adadin mutanen ɓangare ɗaya:

```
=COUNTIF(E:E,E2)
=COUNTIF(D:D,"Uwar ango")
```

Na farkon ki rubuta shi a layi na 2 na wani gurbin da babu komai, ki ja shi har ƙasa, duk inda kika ga ya haura 1 ki sa alama ki bincika. Na biyun sai kin riƙa rubuta sunan ɓangaren iri ɗaya a kowane layi, in ba haka ba zai tsallake wasu. Wani amfanin kuma, yana ajiye tarihin gyare-gyare a File > Version history, ba za ki faɗa ramin takardar Laraba da ta Alhamis ba. Kada ki ba kowa damar gyarawa, ko amarya ce. Su gani kawai, shi ma kowane ɓangare nasa. Lambobin wayar matan mutane ne a hannunki, amana ce, ba abin watsawa a zauren ƙawaye ba.

Yanzu mu zo kan kujerunki. Tebur 25 ke nan idan mai mutum 10 ne. Ki je da ƙafarki ki ƙirga, ki kuma tambayi masu wurin ko adadin da suka faɗa ya haɗa da filin da za a yi wa amarya da ango mazauni da filin rawa, domin sau da yawa adadin da ake faɗa na ɗaki ne kafin a shigo da kayan ado. Idan ya tabbata 250, ki ware tebur biyu, kujera 20, ki rufe bakinki a kansu. Ba a buga musu kati, ba a yi wa kowa alkawarinsu. Na baƙin da ba a iya mayarwa ne: kakar da aka ce ba za ta iya zuwa ba sai ga ta, ko surukan yayar ango da kowa ya ɗauka wani ya gayyace su. Ɗaya ki sa shi gaba kusa da iyaye, domin irin waɗannan baƙin ba a kai su lungun ƙofa. Saura 230. Misalin rabo, lamba 001 zuwa 080 na uwar amarya, 081 zuwa 160 na uwar ango, 161 zuwa 195 na amarya, 196 zuwa 230 na ango. Rabon ba naki ba ne, masu biyan kuɗi ne za su yanke, amma lambar taki ce. Ko mai buga kati ya sa, ko ki zauna da biro ki rubuta a bayan kowanne ki buga hatiminki. Da zarar kati yana da lamba, duk wanda ya miƙo shi kin san daga hannun wa ya fito, kuma idan wani ya je ya kwaikwayi katin, lamba ɗaya za ta shigo sau biyu, a ƙofa za a gane.

Mai hoto da yaransa, mai kiɗa, mai gabatarwa, masu tsaro, masu kwalliyar amarya, waɗannan ba sa cikin 230, amma ciki gare su. Ki rubuta su a shafi daban, ki yi cinikin abincinsu daban, a zuba musu a roba. In ba haka ba daga farantin baƙi za a ciyar da su, ki rasa inda faranti 15 suka shiga.

Idan kin tace sunayenki za su ragu, amma kada ki sa rai su sauko har 230. Ragowar ba aikinki ba ne ki yanke. Ranar da kika cire sunan wani da hannunki, kin shiga rigimar dangin da ba naki ba, kuma idan suka shirya ke za a bari da laifi. Ki kai wa kowane ɓangare nasa jerin, ki ce "Hajiya, katinki 80 ne, sunayenki 104, ki zaɓa mini." Idan ta ce duk na dole ne, sai ki ajiye mata hanyoyi a gabanta da farashinsu: ko a nemi wuri mafi girma, ko a karɓo daga kason amarya idan ta yarda, ko a mayar da wasu yinin biki da walima inda ba a ƙirga kowa.

Wannan ya kawo mu kan maganar Hajiya, kuma ina so ki san tana da gaskiyarta. Bikin da ta tashi ta gani, tsakar gida ne da tabarmi da manyan tukwane, duk wanda ya zo ya ci, idan tuwo ya ƙare a ɗora wani. A wannan tsarin, tsayar da mutum a ƙofa abin kunya ne, kuma ni ma har gobe ba zan yarda a kai rajista wurin yinin biki ba. Amma dina a ɗakin haya wani abu ne daban da muka aro, kujera a ƙirge, faranti a ƙirge, kowanne da kuɗinsa. Wanda ya zaɓi dina ya zaɓi ƙirga, ko ya so ko bai so ba. Abin da ya rage shi ne a yi ƙirgar a ɗakinta cikin sirri saura mako biyu, ko kuma wani saurayi ya yi ta a bakin ƙofa a gaban jama'a.

Kada ki sake furta mata kalmar rajista, kuma kada ki yi mata maganar a waya. Ki je gida da safe bayan ta karya, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce "Hajiya, na zo ki nuna mini manyan baƙinki ne, don in san waɗanda za a zaunar gaba da waɗanda za a tara tun daga mota. Ina gudun a yi wa wata babba abin da bai dace ba a bikinki." Ba uwar amaryar da za ta ƙi wannan. Da ta fara lissafo manya, sauran za su biyo. Idan kuma ta kawo maganar cewa addini bai san hana baƙo ba, to ki tuna mata cikin ladabi da abin da ya zo a Buhari da Muslim: wani sahabi daga mutanen Madina, Abu Shu'aibu, ya sa an dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai wani ya biyo su. Da suka isa, Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wani ya biyo su, idan ya so ya yi masa izini, idan ya so ya koma. Mai gida ya yi masa izini. Kin ga an san adadi, an kuma bar wa mai gida ikon ƙarawa. Abin da kike nema ke nan, ikon ya zauna a hannun Hajiya, ke kuma ki san abin da ta yanke.

Ki sa ranar rufewa, kwana bakwai kafin dina, ki sanar da kowa tun yanzu. Na san ba za a kiyaye ba, ba a taɓa kiyayewa ba. Amfanin ranar shi ne duk abin da ya zo bayanta ya zama canji, shi kuma canji yana da shafinsa a littafi: kwanan wata, wanda ya nema, abin da ya nema, kuɗin da zai ci, wanda zai biya. Kowane ɓangare mutum ɗaya ne ke da bakin neman canji, ki sa su zaɓe shi da kansu. Idan ƙanwar ango ta kira ki, ki ce ta bi ta hannun yayarsu. Idan Hajiya ta kira ki ƙarfe 10 na dare ta ce a ƙara goma, ki ce to, Hajiya, kamar yadda tarbiyya ta koya miki, sannan kafin ki kwanta ki tura mata saƙo: "Hajiya, kamar yadda kika umarta, ƙarin mutum 10, abincinsu naira kaza, za su zauna a tebur kaza. Idan kin amince in sanar da mai abinci da safe." Ba ki buga kati sai amsa ta zo. Idan ba ta karatun boko, ki tura wa 'yarta ta karanta mata, ita kuma ta amsa da murya, ki ajiye muryar. Kuma duk ƙarin da aka amince, wuri uku yake zuwa a rana ɗaya: jeri, mai abinci, masu ɗakin taro. Idan ya je biyu ya bar ɗaya, kin ga abin da ya sami 'yar aminiyata.

Ranar dina kada ki dogara da waya. Sabis yana ɗaukewa idan jama'a ta taru, caji yana ƙarewa, kuma ke kanki ba za ki tsaya wuri ɗaya ba. Ki buga jerin a takarda da safiyar ranar, ki rubuta kwanan wata da lokaci a samansa, ki yaga duk tsofaffin da ke jakarki. Iri biyu za ki buga: ɗaya a jere bisa lambar kati don mai kati a hannu, ɗaya a jere bisa suna don wadda ta manto nata a wata jakar, kuma za su yi yawa. Mai tsaro ya karɓi kati, yarinyarki ta ja layi a kan lambar, katin ya shiga kwali, kada ya koma hannun baƙo, domin katin da ya shiga ciki yana iya fitowa ta hannun wani yaro ya sake shigo da mutum.

Sannan abin da takarda ba ta iya yi: ki roƙi kowane gida su ba ki mutum ɗaya da ya san dangi ciki da bai, ya tsaya tare da masu tsaro daga buɗe ƙofa har a shigo da amarya. Kada a ba ki ƙawar amarya, ita da an fara kiɗa ta tafi. Ki nemi wata ƙanwar uwa mai nutsuwa. Umarnin masu tsaro kuma ki canza shi: ba su da ikon cewa kowane dattijo ko dattijuwa "babu sunanki". Abin da za su ce shi ne "Hajiya, bismillah ga kujera", su zaunar da ita, su kira wakilin gidan. Ki ajiye kujeru uku ko huɗu a bakin ƙofa saboda wannan kawai. Idan wakili ya ce tasu ce, ta wuce teburin ajiya, a rubuta sunanta da na wanda ya shigar da ita a ƙasan takarda. 'Yan gayyar soɗi kuwa, da sun ga akwai wanda ya san fuskoki a tsaye, yawancinsu da kansu suke sulalewa.

Kafin ki bar wurin, ko kin gaji kamar me, ki zauna da mai abinci minti goma. Ki ƙirga katunan da ke kwali, ki haɗa da sunayen da aka rubuta a ƙasan takarda, ki gwada da farantin da ta ce ta fitar. A ce kati 214 suka dawo, teburin ajiya ya ɗauki 13, mutum 227 ke nan. Idan ta ce ta fitar da 250, ba ƙari a kanki, wasu ne suka ci biyu, kuma cikin ciniki yake. Idan ta ce 270, to a daren za ku warware, tana tsaye yaranta suna tsaye, ku rubuta adadin da kuka tsaya a kai ku sa hannu ku biyu. Washegari ki kai wa kowane gida takarda ɗaya mai nuna kafin alƙalamin da suka bayar, ƙarin da suka nema da ranakunsa, da cikon da ya rage, tare da rasit ɗin mai abinci da na ɗakin taro a maƙale.

Ki fara da zuwa gidan Hajiya gobe da safe, kuma kada ki kai aikin kati wurin bugawa sai kin dawo daga can.